Yadda za ka yi binciken 'yan kasuwa a Sakkwato ba tare da alƙaluma sun yaudare ka ba

A ce an ba ka aikin gano kashi nawa cikin ɗari na 'yan wata kasuwa a Sakkwato ke karɓar kuɗi ta taransifa ko ta na'urar POS. Tambaya ce mai ma'ana, musamman tun bayan ƙarancin takardun naira na farkon shekarar 2023, lokacin da mutane da yawa suka koma biya ta waya ba don suna so ba. Ɗalibin da ke rubuta furojet a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo zai iya yin ta, ma'aikacin banki ko na ƙungiyar tallafi ma haka. Abin da zan nuna shi ne yadda mutum zai yi aikin da gaskiyarsa, bai ƙirƙiri amsa ko ɗaya ba, amma ya fito da 92 cikin ɗari alhali gaskiyar lamarin 60 ce. Sannan mu bi matakan da ke rage wannan giɓi.

Alƙaluman kasuwar da ke ƙasa na misali ne, na tsara su don lissafi ya fito fili.

Kasuwar misalinmu tana da 'yan kasuwa 2,000. Masu shago 1,000 ne, kuma 800 daga cikinsu suna karɓar taransifa. Masu tebur da rumfa 600 ne, 300 ke karɓa. Sai masu kasa kaya a ƙasa da masu yawo da kaya a baro ko a ka, su 400 ne, 100 ke karɓa. Jimilla 1,200 cikin 2,000, wato 60 cikin ɗari. Mai bincike bai san wannan adadi ba, shi yake nema.

Mataki na farko: rubuta ko su wa kake nufi da 'yan kasuwa

Kafin ka buga takardar tambayoyi ko ɗaya, rubuta jimla guda da ke faɗin su wa binciken ya shafa. Misali: duk baligin da ke sayar da kaya don kansa a cikin katangar kasuwar da layukan da ke manne da ita, aƙalla kwana uku a mako, a cikin watan binciken. Jimlar tana tilasta maka yanke hukunci a kan abubuwan da ka so ka kauce musu. Yaron shago yana ciki, ko sai mai shagon? Dillali fa, da ba shi da kaya nasa? Bafulatanar da ke kawo nono da safe ta koma kafin la'asar? Ba dole ne ka saka kowa ba. Abin da ya zama dole shi ne wanda ka cire, ka cire shi da saninka, kuma ka faɗa a rahoto.

Ka kuma faɗi wace kasuwa. Babbar Kasuwar Sakkwato daban, Tsohuwar Kasuwa daban, Kara ta dabbobi daban, Ramin Kura ta albasa da kayan gwari daban. Wanda ya yi bincike a layin 'yan yadi kaɗai, ba shi da ikon rubuta "'yan kasuwar Sakkwato" a kan rahotonsa.

Mataki na biyu: tuhumi jerin sunayen da aka ba ka

Abu na farko da kowa ke yi shi ne zuwa ofishin kasuwa ko wajen shugabannin ƙungiya ya karɓi jerin sunaye. Zuwa wajensu wajibi ne, don ba ka shiga kasuwa da takardu ba tare da izininsu ba. Amma jerin da za su ba ka ba don bincikenka aka rubuta shi ba. An rubuta shi ne don karɓar kuɗin haya ko kuɗin ƙungiya, saboda haka wanda ke da lambar shago ne ke ciki. A kasuwar misalinmu, jerin yana da mutum 1,000 kacal, masu shago. Sauran 1,000 ba su da wata dama ta a zaɓe su, ko da ka yi ƙuri'a mafi adalci a duniya. Wannan shi ne giɓin jeri: wani ɓangare na mutanen da kake magana a kansu ba ya cikin takardar da kake zaɓe daga cikinta.

Girman ɓarnar yana da lissafi mai sauƙi. Ka ɗauki kason waɗanda ba sa cikin jerin, ka ninka shi da bambancin da ke tsakaninsu da na cikin jerin. Masu shago 80 cikin ɗari ke karɓa. Waɗanda aka bari a waje, 400 cikin 1,000 ne, wato 40 cikin ɗari. Bambanci 40 ke nan, kuma rabin kasuwar ne a waje, rabin 40 kuwa 20 ne. Ko da ka tambayi masu shagon nan 1,000 ɗaya bayan ɗaya, kowa ya amsa, 80 za ka samu maimakon 60.

Lissafin yana nuna wani abu kuma. Idan waɗanda aka bari a waje ba su bambanta da na ciki ba a kan abin da kake tambaya, ɓarnar ba ta da yawa. Da tambayarka ita ce ko zafin watan Afrilu yana rage ciniki da tsakar rana, wataƙila mai shago da mai tebur amsarsu ta yi kusa. Amma tambayar asusun banki da waya tana tafiya ne tare da jari da ilimin boko da shekaru, su ne kuwa ainihin abubuwan da suka raba mai shago da mai kasa tumatir a ƙasa.

Jeri yana kuma tsufa. Bayan gobarar da ta ci wani ɓangare na Babbar Kasuwa a watan Janairun 2021, duk jerin da aka rubuta kafin ranar ya daina nuna inda mutane da yawa suke zaune. Ko babu gobara, shago kan zama da sunan wanda aka ba shi tun farko, alhali wani ke haya a ciki, ko magada suka raba shi biyu, ko an mai da shi sito. Attajiri ɗaya kuma zai iya fitowa sau biyar saboda shagunansa biyar, ya zama damarsa ta faɗowa a zaɓe ta ninka ta kowa sau biyar.

Gwajin jeri ba ya cin fiye da wuni. Ka zaɓi layi biyu ko uku ta ƙuri'a, ka taka su da ƙafa, ka ƙirga duk mai sayar da abu, sannan ka duba nawa ne ke cikin jerin. Idan ka ƙirga 90 ka sami 50 a takarda, ka san cewa jerin ba zai ɗauke ka ba.

Mafita ita ce ka yi naka jerin. Ka zana taswirar kasuwar da hannu, ƙofa-ƙofa, layi-layi, har da bakin katanga da wajen ajiye babura. Ka bi kowane layi ka ba kowane wurin sayarwa lamba, ka rubuta irinsa: shago, tebur, ko ƙasa. Ba ka bukatar sunan kowa a wannan mataki, lamba da kwatance sun isa. Ka yi ƙirgar a lokuta biyu, da hantsi da kuma bayan la'asar, domin masu kayan gwari da nono sukan tashi da wuri, masu abinci da wasu masu tebur kuma sai yamma suke fitowa. Masu yawo da kaya su ne masu wuya. Abin da ake yi shi ne a tsayar da mutum a kowace ƙofa a sa'o'in da aka zaɓa, ya ƙirga masu shigowa da kayan talla, ya tsayar da kowane na biyar, sannan ya tambaye shi ko an riga an yi masa tambayoyin, don kada a ƙirga shi sau biyu.

Mataki na uku: ka cire zaɓe daga hannun mai tambaya

Ka ba matashi takardu 40 ka ce ya shiga kasuwa ya cike su, na san inda za shi. Zai fara da shagunan bakin ƙofa, inda akwai inuwa da benci. Zai tsaya wajen sa'o'insa masu fara'a, waɗanda ke riƙe da babbar waya. Zai wuce dattijon da ya ɗaure fuska, ya wuce layin mahauta saboda ƙarni, ya wuce Bazabarme ko Inyamurin da yake ganin hira da shi za ta yi wuya, kuma idan namiji ne zai ji nauyin tsugunnawa gaban mata. Bai yi nufin maguɗi ba. Amma duk abin da ya sa mutum ya yi masa sauƙin tunkara, shi ne kuma ke sa a fi samun mutumin da asusun banki. Wannan ita ce karkatar zaɓe. Mai sayen albasa a Ramin Kura ya san ba a yanke wa buhu hukunci da manyan da aka jera a bakinsa, sai an zazzage an ga na tsakiya.

Haka abin yake idan ka tura tambayoyin a zauren WhatsApp na ƙungiyar 'yan kasuwa, ko ka roƙi shugaban layi ya haɗa ka da "mutanen kirki guda goma". A na farko, mai babbar waya da data ne kawai zai gani, kuma cikin su ma sai wanda abin ya dama zai amsa. A na biyu, na kusa da shugaba za ka samu.

Maganin shi ne lamba ta yi zaɓen. Tunda ka san rukunai uku sun bambanta, ka raba samfurinka, wato mutanen da za ka tambaya, a kansu gwargwadon yawansu. Idan mutum 200 kake iya tambaya, masu shago su sami 100, masu tebur 60, na ƙasa da masu yawo 40. A kowane rukuni mutum ɗaya ke nan cikin 10. Ka zaɓi lambar farawa tsakanin 1 da 10 ta ƙuri'a, ko da takardu goma a cikin hula, ko a Excel:

```
=RANDBETWEEN(1,10)
```

Idan 7 ta fito, sai ka ɗauki wuri na 7, na 17, na 27, har ƙarshen jerin. Ka ba kowane mai tambaya lambobinsa a rubuce tun daga gida.

Doka ɗaya ce a nan wadda ba a sassauta ta: ba a musanya. Idan shago na 27 a rufe yake, ba a shiga na 28. Mai na 27 wataƙila ya tafi cin kasuwar Achida ranar Laraba ko ta Illela ranar Lahadi, kuma ɗan kasuwar da ke bin kasuwannin ƙauye mu'amalarsa da tsabar kuɗi ba irin ta mai zaman shago kullum ba ce. Idan ka maye gurbinsa da maƙwabcinsa, takardunka za su cika 200, rukunin masu tafiye-tafiye kuma ya ɓace gaba ɗaya, babu ko alamar da za ta nuna maka sun ɓace.

Mataki na huɗu: waɗanda aka zaɓa amma ba su amsa ba

Wannan ya fi sauran wahala, don ba ya ƙarewa da tsari mai kyau. Mu koma ga mai binciken da ya tsaya a kan jerin masu shago. Ya zaɓi 200 ta ƙuri'a, kuma a ce zaɓen ya faɗa daidai: 160 masu karɓar taransifa, 40 marasa karɓa. Masu karɓa sun saba da cike fom da ma'aikatan banki, sai uku cikin huɗu suka amsa, mutum 120. Marasa karɓa kuwa da yawansu dama ƙin duk abin da zai sa a rubuta sunansu ne ya hana su buɗe asusu, sai ɗaya cikin huɗu ya amsa, mutum 10. Mai bincike ya dawo da takardu 130, 120 sun ce e. Ya raba, ya sami 92 cikin ɗari. Daga 60 jerin ya kai shi 80, rashin amsa ya ƙarasa da shi 92.

Lissafin iri ɗaya ne da na baya: kason waɗanda ba su amsa ba, a ninka da bambancinsu da masu amsa. Mutum 70 cikin 200 ba su amsa ba, wato 35 cikin ɗari. A cikinsu 40 ne ke karɓa, kimanin 57 cikin ɗari. Tazarar 92 da 57 ita ce 35, kuma 35 cikin ɗari na 35 ya kai kusan 12.

Matsalar ita ce a filin aiki ba ka ganin wannan 57 ɗin. Abin da kake iya yi nan take shi ne auna iyaka. Ka tabbata 120 cikin 200 suna karɓa. Idan duk 70 ɗin nan ba sa karɓa, amsar 60 ce cikin ɗari. Idan duk suna karɓa, 95 ce. Ga masu shago gaskiya tana wani wuri tsakanin 60 da 95, kuma wannan faɗin shi ne hakikanin abin da ka sani. Ni a ganina duk rahoton da zai kawo kaso ya kamata ya kawo wannan iyaka a gefensa.

Akwai masu cewa a ƙara yawan mutane. Ba ya magani. Ƙa'idar nan da ake koyarwa, cewa samfurin mutum 400 yana da kuskuren da bai wuce kimanin 5 sama ko ƙasa ba, tana magana ne a kan saɓanin ƙuri'a kaɗai, ba ta san da wanda ba ya cikin jeri ko wanda ya ƙi magana ba. A zaɓen shugaban Amurka na 1936, mujallar Literary Digest ta aika takardun tambaya kusan miliyan 10, tana ɗauko sunaye daga kundin masu tarho da masu mota da masu karanta ta. Sama da miliyan 2 suka dawo, ta ce Alf Landon zai ci da kimanin 57 cikin ɗari. Franklin Roosevelt ne ya ci, da kusan 61 cikin ɗari, ya lashe jihohi 46 cikin 48. George Gallup, da samfurin da bai kai ko kusa da nata ba, ya faɗi wanda zai ci daidai. Jerin mujallar ya karkata ga masu hali, waɗanda suka ɗauki wahalar mayar da takarda kuma sun fi yawa a cikin masu adawa da Roosevelt.

To me ake yi a kasuwa? Da farko ka raba rashin amsa gida-gida, don kowane da maganinsa. Wanda ba a same shi ba daban, wanda ya ƙi daban, wanda harshe ya hana daban. Kowane mai tambaya ya riƙe takardar bibiya mai layi ɗaya ga kowace lamba: ranar zuwa, lokaci, abin da ya faru, da abin da ido ke gani ko ba a yi magana ba, kamar irin kaya, namiji ko mace, matashi ko dattijo, da ko akwai lambar asusu a liƙe a bango. Wannan na ƙarshe yana da daraja ƙwarai a irin tambayarmu. Idan 8 cikin 10 na masu amsa suna da lambar asusu a liƙe, amma 4 cikin 10 ne na waɗanda suka ƙi, ka ga karkatar da idonka.

Wanda ba a samu ba, a koma masa aƙalla sau uku, a ranaku daban da lokuta daban. Komawa sau uku, dukansu da hantsin Laraba, zuwa ɗaya ne. A guji tsakar ranar Juma'a da lokutan salla, da sa'o'in da ciniki ya kankama. Da damina wasu na gona, da azumi lokutan buɗewa kan canza, gab da salla kuma babu mai lokacinka.

Ƙin amsa kuwa yawanci tsoro ne. Tambayar da za ka fi ji ita ce: "Ku mutanen haraji na?" ko "Mi za a yi da sunana?" Mai tambaya ya tanadi amsa gajera ta gaskiya: "A'a Baba, daga makaranta muke. Ba mu rubuta suna ba, ba mu tambayar yawan kuɗi, minti biyar ne. In yanzu kana ciniki, in dawo bayan la'asar." Shugaban layi ya sanar da mutanensa kafin ranar, amma kada ya tsaya a wajen lokacin tambaya. Mata su tambayi mata. A sami mai jin Fulatanci da Zabarmanci a tawaga, da wanda zai iya yi da Turanci ga baƙin 'yan kasuwa. Kada a yi alkawarin tallafi ko bashi don a samu haɗin kai. Yana kawo amsa da yawa, amma yana jawo masu fatan samu, kuma yana sa su faɗi abin da suke zaton kana son ji.

Ka riƙa lissafa sakamakon kowane zagaye daban. Idan waɗanda aka samu a zuwan farko 88 cikin ɗari ke karɓa, na biyu 78, na uku 65, to alama ce cewa waɗanda har yanzu ba a samu ba sun fi karkata ƙasa.

Mataki na biyar: gyara da nauyi, da inda gyaran ke tsayawa

Yanzu a ce an bi tsarin rukunai uku, an yi duk ƙoƙari, aka sami amsa 110 cikin 200. Masu shago 70 cikin 100, kuma 60 suka ce e. Masu tebur 30 cikin 60, 17 suka ce e. Na ƙasa 10 cikin 40, 3 suka ce e. Idan ka haɗa su kai tsaye, 80 cikin 110 ne, kusan 73 cikin ɗari. Amma masu shago sun cinye kusan kashi biyu cikin uku na takardun, alhali rabin kasuwa ne.

Sai ka mayar wa kowane rukuni nauyinsa na gaskiya, wato kasonsa a cikin 'yan kasuwar duka, wanda ƙirgarka ta mataki na biyu ta ba ka:

```
=0.5*(60/70)+0.3*(17/30)+0.2*(3/10)
```

Sakamakon ya kusa 66 cikin ɗari. An matso daga 73, amma ba a kai 60 ba. Dalili kuwa, nauyi yana gyara rashin daidaito tsakanin rukunai ne kawai. Yana ɗauka cewa mai teburin da ya ƙi amsa daidai yake da mai teburin da ya amsa, mun kuwa ga ba haka ba ne. Ka lura kuma da rukunin ƙarshe: mutum 10 ne ke wakiltar 400, kowane ɗaya yana tsaye a madadin 40. Mutum ɗaya ya canza amsa, kason rukunin ya motsa da 10, na kasuwar duka da 2. Rukunin da ba ka sami kowa a cikinsa ba kuma, babu nauyin da zai haifar maka da shi.

Hanyar da ta fi kai wa ga gaskiya ita ce wadda Morris Hansen da William Hurwitz suka tsara a 1946: ka zaɓi wani kaso na waɗanda ba su amsa ba ta ƙuri'a, ka zuba duk sauran ƙarfinka a kansu. Cikin masu shago 30 da suka rage, ka zaɓi 10. Ka tura mai tambayar da ya fi kowa iya magana da dattawa, ka rage tambayoyin zuwa biyu ko uku, ka bi mutum har lokacin da ya ce ya dace da shi. A ce duk goman sun amsa, 7 suna karɓa. Sai ka ƙiyasta 21 cikin 30, ka haɗa da 60 na farko, ya zama 81 cikin 100 maimakon 86 da masu amsar farko suka nuna. Mutum 10 kaɗan ne, ƙiyasin zai yi rawa, amma yana rawa ne a kusa da gaskiya. Ka yi haka a sauran rukunai biyu, ka fi ba na ƙasa ƙarfi tunda can giɓin ya fi faɗi. Saboda wannan ne nake ba da shawara a ware kamar kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin aiki da kwanakinsa don bibiya tun kafin a fara, ko da hakan zai rage samfurin daga 250 zuwa 200.

A wajen rubuta rahoto, kafin kason ya fito, a faɗi wace kasuwa da wane wata, su wa aka ƙirga kuma su wa aka cire, yadda aka yi jerin, mutum nawa aka zaɓa a kowane rukuni, nawa suka amsa, nawa ba a samu ba, nawa suka ƙi. Sai a kawo kason kafin nauyi da bayan nauyi, da iyakar ƙasa da ta sama. A misalinmu na ƙarshe, inda 80 suka ce e kuma 90 ba su amsa ba cikin 200, iyakar tana tsakanin 40 da 85 cikin ɗari kafin bibiya, kuma kowane mutum da bibiyar ta samo yana ƙara matse ta.